Lissafin maki da sa'o'i: yadda na raba zangon ƙarshe tsakanin rumfar POS da kundin bincike

A daminar 2023 na shiga zangon ƙarshe na digirina a fannin tattalin arziki, ina zaune gidan iyayena a Rafin Guza, ina kuma tsaron wata rumfar POS a wajen Kawo daga ƙarfe huɗu na yamma zuwa tara na dare, Litinin zuwa Asabar. Wanda ya san jami'o'inmu a wancan lokaci ya san halin da ake ciki. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya cinye wata takwas cur, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, kuma da aka dawo sai makarantu da dama suka matse kalandarsu don su cimma abin da ya wuce su. Zangon da aka saba ja a natse, mu an dunƙule mana shi cikin 'yan makonni. Ga shi kuma tun daga 29 ga Mayu, ranar da aka sanar da janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, har ta kai ga barin aikin rumfar ba ya cikin abin da zan iya ko tunaninsa. Da albashin nan nake zuwa makaranta, da shi nake buga takardu, a cikinsa kuma Umma take da ɗan rabonta na cefane.

Ina rubuta wannan ne saboda shawarar da ake yawan bai wa ɗalibi a irin wannan hali, wato ya fara da aikin da wa'adinsa ya fi kusa, ita ce ta kusa janyo mini ƙarin shekara guda a makaranta. Shawarar ba ƙarya ba ce, amma rabin magana ce, kuma ragowar rabin lissafi ne da kowane ɗalibi zai iya yi a bayan littafinsa.

Bari in fara da kuskuren. A mako na huɗu na zangon, wani malami ya ba mu jinga mai maki biyar, a kai ranar Talata. A makon nan kuma malamin da ke duba kundina ya ce in kawo masa babi na uku ranar Juma'a. Na dubi kalanda, na ga Talata ta riga Juma'a, sai na duƙufa kan jingar. Batun ya yi mini daɗi, na yi ta tono, na cika shafi tara, na kai wa mai kwamfuta ya buga, har da bango mai kyau. Da na ɗaga kai ranar Laraba, babi na uku bai wuce kanun batutuwa ba. Ranar Juma'a na tsaya ƙofar ofishin malamin hannu rabbana.

"Malam, a yi mini haƙuri zuwa Litinin," na ce.

Bai yi faɗa ba. Ya buɗe littafinsa ya nuna mini jerin sunaye. "Ku goma sha huɗu ne a hannuna. Juma'a ɗaya cikin biyu nake ganin ɗalibai. Ka dawo wani makon na sama."

Jinkirin kwana uku da na roƙa ya zama na mako biyu, kuma kafin ya amince da babi na uku ba ni da izinin raba takardun tambayoyi ga mutanen da zan yi bincike a kansu. Jingar da na yi wa hidima ta dawo da maki huɗu cikin biyar. Abokina da ya rubuta shafi biyu da hannu a daren Litinin ya sami uku.

Daren nan, a rumfa, tsakanin mai cire dubu biyu da mai tura dubu biyar, na ɗauki takardar da muke rubuta cinikin yini na juya bayanta na soma lissafin da ya kamata in yi tun ranar rajista.

Tsarin da galibin jami'o'in Nijeriya ke bi sananne ne, sai dai ɗalibai da yawa ba sa zama su auna abin da yake nufi gare su. Maki 70 zuwa sama shi ne A, yana da daraja biyar. Daga 60 zuwa 69 B ne, huɗu. Daga 50 zuwa 59 C ne, uku, haka abin yake gangarowa. Kowane kwas yana da nauyinsa da ake kira yunit, kuma ana ninka darajar da ka samu da yunit ɗin kwas ɗin. A tara duka, a raba da jimillar yunit ɗin da ka yi wa rajista tun shigarka, abin da ya fito shi ne CGPA. Daga 3.50 ake shiga digiri mai daraja ta biyu ta sama, wanda shi ne abin da ma'aikatu da yawa da masu ba da gurbin ƙaro karatu suke gindayawa a tallansu.

Na shiga zangon ƙarshe da yunit 120 a bayana da jimillar daraja 413, wato 3.44. A gabana akwai yunit 21: kundin bincike mai yunit shida, da kwasa-kwasai biyar masu yunit uku-uku. Idan an gama, jimillar yunit za ta zama 141, kuma don in taɓa 3.50 sai jimillar darajata ta kai 494. Ke nan ina bukatar 81 daga wannan zango. Idan na sami B a komai, na sami 84, na haye da rarar uku. Rarar nan tana nufin kwas ɗaya tak zai iya zamewa zuwa C ban faɗi ba. Amma idan kundin ne ya zame zuwa C, asarar shida ce, na koma 78, na ƙare a 3.48, shekara huɗu da doriya sun tsaya a bakin ƙofa. Idan kuwa na ɗaga kundin zuwa A, sai ya ba ni damar samun C a kwasa-kwasai har uku kuma in haye.

Na daɗe ina kallon takardar nan. Abin da ta nuna mini shi ne, kundin da nake ɗauka aikin gefe, wanda ake taɓawa in an sami sarari domin ba shi da lacca ba shi da ranar gwaji, shi ne ke riƙe da maɓallin zangon gaba ɗaya. Ita kuwa jingar da ta cinye mini kwana uku, bambancin da ke tsakanin aikina da na abokina maki ɗaya ne cikin ɗari a kwas mai yunit uku.

Daga ranar na soma auna kowane aiki kafin in taɓa shi. Ma'aunin mai sauƙi ne: makin da aikin ke ɗauke da shi, a ninka da yunit ɗin kwas ɗin. Jinga mai maki biyar a kwas mai yunit uku nauyinta 15 ne. Gwaji mai maki ashirin a irin kwas ɗin nauyinsa 60. Sai in kiyasta sa'o'in da aikin zai ci, in raba nauyin da su, in ga abin da kowace sa'a za ta saya mini. Daga baya na gane cewa masu nazarin tsara aiki a masana'antu sun daɗe da sanin wannan. A 1955 wani masani mai suna J. R. Jackson ya nuna cewa idan burinka shi ne kada wani aiki ya yi mugun jinkiri, to ka jera ayyuka bisa kusancin wa'adinsu. A 1956 kuma W. E. Smith ya nuna cewa idan ayyukan ba darajarsu ɗaya ba, kana son masu daraja su fita da wuri, to ka fara da wanda nauyinsa ya fi yawa idan an raba shi da lokacin da zai ci. Ƙa'idojin biyu tambayoyi biyu daban suke amsawa. Ta Jackson ba ta san nauyi ba, ta Smith ba ta san wa'adi ba. Matsalar ɗalibi mai aiki ita ce tambayoyin biyu suna kansa a mako guda, kuma sa'o'insa ba su isa ya gamsar da kowacce ba.

A nan ne na ga amfanin ƙidayar sa'o'i ta gaskiya. Da can in an tambaye ni sai in ce ina da dare gaba ɗaya. Da na zauna na ƙirga, sai na ga ba haka ba ne. Ina tashi daga rumfa ƙarfe tara, kafin in haɗa lissafin kuɗi in miƙa, in sami abin hawa daga Kawo zuwa gida, in ci tuwo, goma ta yi. Mutumin da ya yini yana ƙirga kuɗin mutane yana fargabar kuskure, sa'a ɗaya ce kawai zai iya karantawa ya fahimta bayan goma, in ma akwai wuta ko fitilar ta sami caji. Bayan sallar asuba ina da sa'a biyu masu kyau kafin in fita. Tsakanin laccoci ina tsintar kamar sa'a ɗaya. Jimilla huɗu a ranar aiki, Lahadi kuma shida, domin ita ma tana da wanki da zumunci. Ban ƙirga zaman rumfa ba ko da kasuwa ta yi sanyi. Na gwada karatu a can, na ga duk sakin layi sai an katse shi sau uku, har wata rana na tura wa wani kuɗi sau biyu saboda hankalina yana kan littafi. Abin da rumfa ta iya ɗauka shi ne aikin da ba ya son zurfin tunani, kamar jera sunayen littattafan da na duba ko maimaita ma'anonin da na riga na fahimta.

Jarrabawar wannan tsari ta zo a mako na tara. Ayyuka huɗu suka haɗu. Ranar Talata akwai wata jinga mai maki biyar, wadda in za a yi ta yadda ya kamata za ta ci sa'a biyar. Ranar Laraba akwai gwaji mai maki ashirin a kwas ɗin da ya fi ba ni wahala, na ƙididdigar tattalin arziki, ina bukatar sa'a shida. Ranar Alhamis rukuninmu zai gabatar da aiki mai maki goma, rabona a ciki sa'a uku. Ranar Juma'a kuma babi na huɗu, inda ake fassara alƙaluman da aka tattaro. Na riga na karɓo takardun tambayoyi daga masu sana'ar POS na Kawo da Unguwar Dosa da Hayin Banki, domin a kansu nake binciken, amma shigar da amsoshin cikin kwamfuta da fitar da jadawali da rubuta bayani ba zai gaza sa'a goma sha huɗu ba.

Jimillar bukata 28. Abin da nake da shi daga safiyar Lahadi zuwa daren Alhamis kuwa 22 ne. Amma ba giɓin sa'a shida ne ya fi ɗaukar hankalina ba, inda giɓin zai faɗo ne. Na bi wa'adin ɗaya bayan ɗaya. Kafin Talata ina da sa'a goma, jinga tana son biyar, lafiya lau. Kafin Laraba ina da goma sha huɗu, jinga da gwaji suna son goma sha ɗaya, lafiya lau. Kafin Alhamis ina da goma sha takwas, ayyuka uku suna son goma sha huɗu, har yanzu lafiya. Sai a Juma'a ne lissafin ya karye: 22 a hannu, 28 ake nema. Wato wanda ya bi kusancin wa'adi kawai zai yi kwana huɗu yana jin yana kan hanya, yana miƙa kowane aiki a kan lokaci, sai daren Alhamis ya tarar da rabin babi a gabansa, kuma aikin da ya faɗi shi ne mafi nauyi cikin huɗun. Abin da ya same ni a mako na huɗu ke nan, sai dai a wancan karon ban gan shi yana tahowa ba.

Saboda haka na fahimci cewa jerin wa'adi ba ya gaya maka abin da za ka yi. Amfaninsa shi ne ya nuna maka tun ranar Lahadi ko makon zai ɗauki kayan da aka ɗora masa. In ya nuna ba zai ɗauka ba, sai ka koma ga nauyi ya zaɓa maka wanda za a rage.

Jingar tana biyan uku a kowace sa'a, gwajin yana biyan goma, aikin rukunin shi ma goma. Babi na huɗu ba shi da makin kansa a ranar, kuma wannan ne ke ruɗar mutane. Amma shi ƙofa ne: in bai shiga Juma'ar nan ba sai bayan mako biyu, babi na biyar yana jiransa, ranar kare kundi kuma sashe ne ya tsayar da ita, ba ta matsawa don kowa. Aikin da wasu ayyuka ke jira a bayansa, nauyinsa shi ne nauyin duk abin da ya tare. A lissafina kundin gaba ɗaya 600 ne, maki ɗari sau yunit shida. Ba a ma fara kwatanta shi da jinga mai 15 ba.

Don haka jingar ce za a yanka. Amma ban yar da ita ba, kuma wannan yana da dalili. Makin farko a kowane aiki shi ne mafi araha. Amsa tambayar kai tsaye a shafi biyu masu tsafta tana kawo rabi ko fiye cikin sa'a biyu, sa'o'i ukun da ke biyo baya kuwa maki ɗaya ko biyu suke nema. Ban da haka, gurbin da babu komai a takardar makin malami yana jawo tambayar da ƙaramin maki ba ya jawowa. Na ba ta sa'a biyu, na ajiye agogo a gabana, da lokaci ya cika na sa aya. Bukata ta sauko zuwa 25.

Saura uku. Su kam sai an saya, kuma wurin saye ɗaya ne, wato rumfa. Ranar Lahadi da yamma na je gidan mai rumfar, ban jira ranar ta zo in kira shi a waya ba.

"Alhaji, ranka ya daɗe, ina neman alfarmar yammacin Laraba. Na yi magana da yaron da ke tsaron safe, ya yarda zai zarce, ni zan biya shi daga nawa."

Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Da Talata ka ce, da ban yarda ba."

Na san da haka, shi ya sa ban ce Talata ba. Ranar ce kasuwar Kawo ke ci, ranar ce rumfa ke yin cinikin da ya fi na kowace rana a mako. Ɗalibin da ke aiki a ƙarƙashin wani ya kamata ya san cewa shi ma mai gidan yana da ranakunsa masu nauyi da marasa nauyi, kuma alfarmar da aka nema da wuri, a ranar da ba ta cutar da shi, tare da wanda zai maye gurbi, ba kasafai ake hana ta ba. Yammacin nan ya ci mini naira dubu ɗaya, ya ba ni sa'a biyar. Yanzu ina da 27, ana neman 25.

Sai tsarin makon. Mafi yawan Lahadi na ba wa shigar da alƙaluma, duk da cewa wa'adin babin shi ne mafi nisa, domin a nan ne abin da ban sani ba zai iya ɓullowa, kuma gara ya ɓullo da sauran kwanaki a gaba. Ya kuwa ɓullo: takardu goma sha ɗaya cikin waɗanda na karɓo ba a cika su yadda za su yi amfani ba, dole na cire su na gyara adadin da na rubuta a babi na uku. Sa'o'in asuba na Litinin da Talata na ba wa gwajin, tun da lissafi ba ya shiga kai da dare. Jingar ta sami sa'ar tsakanin laccoci da sa'ar daren Litinin. Yammacin Laraba da na saya ya tafi kan rubutun babin.

Rarar sa'a biyun nan ba ta kai Juma'a ba. Daren Laraba aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mu mutanen Rafin Guza mun san abin da ruwan Agusta da Satumba ke nufi ga unguwar da ke maƙwabtaka da kogin Kaduna. Bai shigo mana ɗaki ba a wannan karon, amma ni da ƙannena mun kwashe wajen sa'a biyu muna ɗaga kaya muna buɗe hanyar ruwa a ƙofar gida, wuta kuma ta ɗauke. Da na tsara makon daidai wa daida babu rara, da daren nan ya rusa shi. Tun daga lokacin, duk kiyasin da na yi sai in ƙara masa kashi ɗaya cikin huɗu, kuma wa'adin da nake rubutawa a takardata ba shi ne na malami ba. In an ce a kawo aiki bugagge ranar Juma'a da safe, wa'adina la'asar ɗin Alhamis ne, saboda shagon buga takardu yana da layinsa, injinsa kuma yana da ranar da yake ƙin tashi. Babi na huɗu ya shiga hannun malamin Juma'ar nan da ƙarfe goma.

Wannan lissafi yana da iyaka, kuma rashin faɗarta zai zama rashin adalci ga mai karatu. Na farko, yana ɗauka kowane maki darajarsa ɗaya, alhali ba haka ba ne. Wanda ya tashi daga 61 zuwa 68 bai ƙara komai a CGPA ba, wanda ya tashi daga 58 zuwa 60 ya ƙara daraja uku a kwas mai yunit uku. Saboda haka da jarrabawa ta gabato sai na bi malamai da allon sanarwa ina tattara makin gwaje-gwajena. A sashenmu gwaji da jinga arba'in ne, jarrabawa sittin. A wani kwas ina da 28, ke nan 32 cikin 60 ta ishe ni B, kuma A tana son 42, abin da ban ga alamar zan kai ba sai da sa'o'in da ba ni da su. Na karanta shi gwargwadon B na wuce. A kwas ɗin ƙididdiga kuwa ina da 19, B tana son 41, C tana son 31. Na ajiye girman kai na nufi C da tabbaci.

Na biyu kuma ya fi muhimmanci. Faɗuwa a kwas na dole a zangon ƙarshe ba ta shiga wannan ma'auni, domin ba daraja kaɗai take ci ba. Kwas ɗin zango na biyu sai zango na biyu na shekara mai zuwa ake sake shi, wato sabon kuɗin makaranta, da fita daga jerin sunayen da za a tura hidimar ƙasa tare da abokan karatunka. Ga wanda shekarunsa suka kusa talatin, jinkirin shekara yana iya mayar da shi cikin waɗanda ake bai wa takardar yafewa a maimakon kaki. Don haka duk kwas ɗin da makin gwajinsa ya nuna haɗarin faɗuwa, shi ke hawa kan komai har sai an fitar da shi daga haɗari, ko da yunit ɗinsa biyu ne. Haka ma sharaɗin halartar lacca, wanda a jami'o'i da yawa kashi 75 cikin ɗari ne kafin a bar mutum ya zauna jarrabawa. Na ga wanda ya riƙa sayen sa'o'insa da tsallake laccar safe maimakon ya sayo su daga wurin aiki, ya zo ranar jarrabawa yana roƙo a bakin ƙofa.

Aikin rukuni ma ban yanke shi ba ko da lissafi ya ba ni dama a wasu makonni, saboda makin da ke cikinsa ba nawa ba ne ni kaɗai. Mutum biyar ne za su ɗauki sakamakon ragwancina, kuma ɗaya daga cikinsu ce ta ara mini kwamfutar da na yi babi na huɗu da ita.

Akwai alamar da na koya wadda ke nuna mini na fara kaucewa. Duk lokacin da na sami kaina ina gyara bangon jinga, ko ina sake kwafe rubutun lacca da kyakkyawan hannu, alhali babin kundi yana jira, na san ba ƙwazo ba ne. Gudu nake yi daga aikin da ke ba ni tsoro zuwa wanda ke ƙarewa da wuri ya sanyaya mini rai. Maganin da na samu shi ne in farfasa babban aikin zuwa guntayen da za su shiga sa'a biyun asuba, in rubuta kowanne da sunansa. Ba na rubuta "babi na biyar" a takarda, sai in rubuta "taƙaita sakamakon jadawali na ɗaya zuwa na uku", abin da zan iya gamawa kafin Umma ta sauke koko.

Sakamako ya fito bayan wata biyu da 'yan kwanaki. Kundin ya sami A. Kwasa-kwasai uku B, biyu C. Jimilla 84, wato 497 a kan 141, na ƙare a 3.52. Ɗaya daga cikin C ɗin ta ƙididdiga ce, wadda na nufa da idona a buɗe. Ɗayar kuwa ta kwas ɗin da na yanke wa jinga ce a mako na tara. Na sami uku cikin biyar a jingar, kwas ɗin kuma ya tsaya a 58, maki biyu tsakaninsa da B. Har yau in na tuna nakan yi tunanin ko sa'o'i ukun da na hana ta da sun cike giɓin. Wataƙila da sun kawo maki ɗaya, wataƙila biyu. Amma da na ba ta su, sa'o'in daga babi na huɗu za su fito, a makon da ruwa ya riga ya cinye rarata.

Takardar cinikin da na fara lissafin a bayanta tana nan cikin fayil ɗin takardun makarantata, da tabon man injin janareta a gefe. Ƙanwata da ke shekarar ƙarshe a kwalejin kimiyya da fasaha, wadda ke koyarwa a wata makarantar yara da safe, ta karɓa ta kwafe tsarin a farkon zangon nan. Nasu ma'aunin darajar ya bambanta da namu, don haka sai da muka zauna da littafin dokokin makarantarsu muka sake lissafin daga tushe. Nata ya nuna cewa kundinta bai kai nawa nauyi ba, kuma haɗarinta yana cikin wani kwas mai yunit biyu da ta ɗauko daga bara, wanda laccarsa ke karo da lokacin da take aji da yara. Da shugabar makarantar yaran ta fara zuwa yin magana, kafin ta buɗe littafi ko ɗaya.